Ranar Yaye Malamai: Me Shugaban Kwaleji Ya Faɗa, Me Ya Tsallake?

Kafin hantsi ya dubi ludayi filin kwaleji ya riga ya cika. An kakkafa rumfunan tamfol, an jera kujerun roba sahu-sahu, masu ɗaukar hoto suna ta kai-komo da allunan tallar aikinsu. Iyaye sun zo daga garuruwa da ƙauyuka, wasu da kulolin abinci, wasu da ƙannen ɗalibai riƙe a hannu. Su kuwa masu bikin, wato ɗaliban da za a yaye, suna zaune a tsakiya cikin manyan riguna da huluna masu kusurwa huɗu, zufa tana keto musu, amma ba wanda ya yarda ya cire. Da an buɗe taro da addu'a, an yi taken ƙasa, sai mai gabatarwa ya kira shugaban kwaleji. Ya miƙe da ɗan littafi a hannu, ya gyara lasifika, ya fara jero gaisuwa: mai girma gwamna ko wakilinsa, mai martaba sarki, shugaban majalisar gudanarwa, iyaye, ɗalibai.

Daga nan ne hankalin yawancin jama'a yake barin wurin. Jawabin da Turanci ake yin sa, yana da tsawo, kuma cike yake da lambobi. Uwar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin rajista tana jiran abu ɗaya ne kawai, a kira sashen ɗanta ta rangaɗa guɗa.

Amma a duk abin da za a yi a ranar, babu abin da ya kai wannan jawabin nauyi. Shi ne lokacin da shugaban kwalejin horar da malamai yake tsayawa a bainar jama'a ya ba da lissafin abin da aka damƙa masa, kuma ya shaida cewa waɗannan ɗaruruwa ko dubban matasa sun isa a ba su aji. Kowanne daga cikinsu, in ya kama aikin, yara ne za su yi ta wucewa ta hannunsa har tsawon shekara talatin ko fiye. Saboda haka ya kamata iyaye, da 'yan jarida, da masu ɗaukar malamai aiki su san yadda ake sauraron irin wannan jawabi, su san inda nama yake da inda romo ne kawai.

Fasalin jawabin kusan ɗaya ne ko'ina, daga Dutsin-Ma zuwa Azare, daga Gumel zuwa Maru. Bayan gaisuwa sai taƙaitaccen tarihin makaranta. Sai nasarori, waɗanda galibi gine-gine ne: sabon ɗakin lacca, ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, rijiyar burtsatse. A nan za a yi ta jin sunan asusun TETFund, domin shi ne yake gina mafi yawan abin da ake gani sabo a manyan makarantun gwamnati, kuma a ƙa'idar rabonsa jami'o'i suna ɗaukar kashi biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha kashi ɗaya, kwalejojin ilimi kashi ɗaya. Sai koke-koke, da ake karantawa ana satar kallon babban baƙo: ƙarancin malamai, rashin katanga, ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai adadin waɗanda aka yaye. A ƙarshe sai nasiha ga ɗalibai, wadda ba ta cika wuce sakin layi biyu ba. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafin shugaba ya hau mumbari, hukumar da ke kula da harkokin karatu a kwalejin ta riga ta zauna ta amince da sakamakon kowane ɗalibi. Abin da ake yi a fili bayyanawa ce kawai, amma sunansa ne da na magatakarda a kan takardar, kuma shi za a tuhuma in ta zama ta banza.

A da can wannan shaida ba ta da wuyar bayarwa, domin ajin ƙarami ne. Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Karatun shekara biyar ne, ɗaliban kuma zaɓaɓɓu ne daga lardunan Arewa, 'yan ƙalilan a kowace shekara. Shugaban makarantar ya san kowa da sunansa, ya san rubutun hannunsa, ya san yadda yake tsayawa gaban allo. Abin da ya fi haka ma, ranar da za a sallami aji an san inda kowa zai nufa. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato ya kama koyarwa. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya fara a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya tafi Midil ta Bauchi. Ba wanda ya fita da takarda yana neman wanda zai ɗauke shi. Tsarin yana da nasa aibin, kuma babba ne: ƙofarsa ƙunci gare ta ƙwarai, babu mata a ciki, 'ya'yan talakawa kaɗan ne suka samu shiga. Sai dai abu ɗaya ba a iya ƙwace masa ba, wato wanda ya ce yaro ya iya koyarwa ya gan shi da idonsa yana koyarwar.

Makarantun horar da malamai masu ba da takardar Giredi Tu, irin su na Wudil, Bichi, Toro da Maru, da makarantun horar da malamai mata, sun gaji wani abu daga wannan. Makarantun kwana ne, yaro yakan shiga bayan firamare ya yi shekara biyar ana koya masa dukkan darussan firamare da yadda ake koyar da su. Sai aka zo shekarar 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Dole aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta ɗaga darajar waɗanda ke bakin aiki ba su da takarda. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga aikin koyarwa da shi, aka rufe makarantun Giredi Tu ɗaya bayan ɗaya. Ita NCE ta samo asali ne daga rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya haifar da manyan kwalejojin malamai irin ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964. Tun 1989 kuma hukumar NCCE ce ke tsara manhajar da kowace kwaleji za ta bi, ita ce kuma ke tantance kwasa-kwasai.

To, shugaban kwalejin yau ba zai iya sanin ɗalibansa ɗaya-ɗaya ba. Shaidarsa ta koma kan lambobi, don haka lambobin ne ya kamata a fara yi wa tambaya.

Ga misali na ƙaddarawa, ba na wata kwaleji takamaimai ba. A ce shugaba ya sanar da cewa yau ana yaye ɗalibai 3,000. Jama'a za su tafa, jaridu su sa a kanun labari. Tambayar farko ita ce, na shekara nawa ne? Kwalejoji da yawa ba sa iya yin biki kowace shekara saboda tsadarsa, sai su tara rukuni uku ko biyar su yi musu lokaci guda. In na shekara uku ne, to ɗalibai 1,000 ke nan a kowace shekara. Tambaya ta biyu, nawa aka ɗauka lokacin da waɗannan rukunan suka shigo? In 1,500 ake ɗauka, to a kowane rukuni akwai mutum 500 da ba sa cikin rigar biki. Wasunsu suna ɗauke da darussan da suka faɗi suna maimaitawa, kuma doka ta ba ɗalibi shekara biyar ne ya kammala wannan karatu na shekara uku. Wasu kuɗi ne ya yanke musu. Wasu aure ne, wasu kuma sun samu gurbi a jami'a sun yi gaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai maganinsa daban, kuma shugaban da ya faɗi adadin shiga tare da adadin fita ya nuna cewa ya san gidansa. In kuwa aka ji an ɗauki 1,500 an yaye kusan 1,500, ba lallai abin murna ba ne. Yana iya nufin jarrabawar ba ta tace kowa.

Tambaya ta uku ta fi waɗannan muhimmanci: me suka karanta? A kwalejin ilimi ɗalibi yakan haɗa darussa biyu, kamar Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko Lissafi da Kimiyyar Kwamfuta, ko kuma ya ɗauki fanni ɗaya mai faɗi kamar nazarin ilimin firamare. Tun gyaran manhaja na 2012 aka so a riƙa horar da malami don matakin da zai koyar: na ƙananan yara 'yan share fage, na firamare, na ƙaramar sakandare, na manya, da na masu buƙata ta musamman. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya shekara uku yana karanta Tattalin Arziki ba a koya masa yadda ake sa ɗan shekara shida ya gane cewa wannan zanen shi ne «ba», wancan kuma «bi» ba. Amma da ya samu aiki, aji ɗaya ko aji biyu za a miƙa masa, domin a nan ne gurbi yake. A cikin waɗancan 1,000 na misalinmu, in 80 ne kacal suka karanta ilimin firamare, to kwalejin ba ta amsa kiran makarantun da ke kewaye da ita ba, komai yawan tafin da aka yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makaranta mai yara 700 tana buƙatar malamai 20 ke nan. Malamai 80 makarantu huɗu kawai za su cika irin wannan.

Sai maganar daraja. Shugaba yakan karanto nawa ne suka fita da distinshin, nawa da kiredit, nawa da merit, nawa da fas. Mai sauraro ya sani cewa takardar NCE ba daraja ɗaya dunƙulalliya take ɗauke da ita ba kamar digiri. Kowane ɓangare da nasa: ilimin koyarwa daban, darasin farko daban, na biyu daban, darussan gama-gari daban, koyarwar gwaji daban. Hedimasta mai wayo, in aka kawo masa sabon malami, layin ƙarshen nan yake fara dubawa.

A nan ne kuma jawabai da yawa suke yin shiru, alhali nan ne zuciyar aikin.

Koyarwar gwaji ita ce lokacin da ake fitar da ɗalibi daga kwaleji a kai shi makarantar gaske, a shekararsa ta uku, ya yi zango guda yana shiga aji. Kafin nan sai ya ci wani darasi da ake yi a cikin kwaleji, inda zai koyar da 'yan ajinsu na 'yan mintuna, su zama kamar yara, a ɗauke shi a bidiyo in akwai kayan aiki, sannan a zauna a warware masa kurakuransa ya sake. Wanda bai ci wannan ba, a ƙa'ida ba a tura shi. Wanda kuma ya faɗi koyarwar gwajin kanta ba ya samun takarda, ko da ya cinye sauran darussa.

A dubi yadda ranar dubawa take idan an yi ta yadda ya kamata. Ɗaliba ce, an tura ta wata firamare a bayan gari, an ba ta aji biyu, darasin Lissafi, tara lambobi masu ɗauke. Malamin da ya zo daga kwaleji ya shiga ya zauna a bencin baya, ya karɓi littafin shirin darasinta. Abin da zai fara dubawa shi ne manufar da ta rubuta: shin ta ce a ƙarshen darasi yara za su «fahimci» tarawa, ko ta ce za su iya tara 27 da 15 su samu 42? Ta farko ba a iya auna ta, ta biyu ana iyawa. Sai ya dubi yadda ta fara, ko ta ɗora a kan abin da yaran suka sani jiya. Ta fito da tsinkayen tsintsiya da ta ɗaɗɗaure goma-goma da zare. Ta kira yaro ya ɗauki ɗauri biyu da tsinke bakwai, wata yarinya ta ɗauki ɗauri ɗaya da tsinke biyar. Suka haɗa warwarorin suka zama goma sha biyu, ta sa suka ɗaure goma suka mayar cikin ɗaurarru, biyu suka rage. Yanzu yaran sun ga da idonsu inda «ɗaya a ka» take fitowa. Mai dubawa yana lura da rubutunta a allo, ko na layin baya suna iya karantawa. Yana lura ko tana juya wa yara baya tana magana da allo. Yana ƙirga wa take tambaya, ko yara uku na gaba ne kawai masu ɗaga hannu. Ta ce, «Kun gane?» ajin ya amsa da «E, Malama!» gaba ɗaya. Wannan amsar ba ta nuna komai, kuma zai rubuta hakan. Abin da yake jira shi ne ta ba su lissafi biyu su yi a littafinsu, ta zagaya ta gani. Bayan an tashi ya zaunar da ita a gindin bishiya ya ce, «Malama, kayan aikinki sun yi kyau, amma 'yan bayan nan guda goma ba su rubuta komai ba. In na dawo, su zan fara dubawa.»

Kalmar «in na dawo» ita ce duk maganar. Ziyara ɗaya ba ta gyara malami. Sai an gan shi, an gyara masa, an dawo an ga ko ya gyaru, kuma malamai daban-daban su gan shi don kada ra'ayin mutum ɗaya ya zama hukunci. Inda abin yake lalacewa sananne ne ga duk wanda ya yi aikin. Ɗalibai sun yi yawa, masu dubawa kaɗan ne, makarantun suna warwatse, kuɗin mota bai fito a kan lokaci ba. Sai mai dubawa ya zo sau ɗaya, ya leƙa aji na minti goma, ya cike takarda. Wani lokaci ma littattafan shirin darasi ake tattarawa a kai masa ofishin hedimasta ya sa hannu. A ɗaya ɓangaren kuma, malamin ajin da ya kamata ya zauna ya riƙa nuna wa ɗalibin hanya yakan ɗauki zuwansa a matsayin hutu, ya bar masa yara tamanin ya tafi harkarsa. Ɗalibin da aka yi wa haka ya koyi abu ɗaya ne, yadda ake riƙe bulala a hana surutu.

Ana iya gane kwalejin da ta ɗauki wannan aiki da gaske daga bakin shugabanta. Zai faɗi makarantu nawa aka tura ɗalibai, sau nawa aka ga kowanne a aji, nawa ne suka faɗi aka sa su maimaita. Asusun TETFund yana da kason da yake bayarwa musamman don duba koyarwar gwaji, don haka tambayar yadda aka kashe shi ba rashin kunya ba ce. Jawabin da ya ba sabon ƙofar shiga kwaleji shafi guda, bai ba koyarwar gwaji ko layi biyu ba, ya faɗi abin da shugabancin ya fi damuwa da shi.

Wanda yake ganin wannan tsanantawa ce ya tuna abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyi na matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su samu kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, ta kuma sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da yadda aka gudanar da jarrabawar da makin da aka tsayar, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ba duka waɗanda abin ya shafa ne suka fito daga kwalejojin ilimi ba, kuma sananne ne cewa a wurare da dama ana cusa mutane aikin koyarwa ta hanyar siyasa. Duk da haka, an ga takardun amsa da aka wallafa, kuma ba mai kishin ilimi da zai gan su hankalinsa ya kwanta. Da yawa cikin masu irin waɗannan takardun amsa akwai ranar da wani shugaba ya tsaya ya ce sun cancanta.

Adalci ne a faɗi cewa ba shugaban kwaleji ne yake zaɓen irin ɗaliban da ke zuwa masa ba. A 2024 da 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, alhali na jami'a 140 ne a 2024, ya koma 150 a 2025. Yaro mai maki da yawa jami'a yake nufa, kwaleji kuwa sau da yawa sai an rasa can ake waiwayarta. Wato shugaba yana karɓar ɗalibin da shi kansa karatunsa da rubutunsa ke da rauni, a ce cikin shekara uku ya mai da shi mai koya wa wasu. Aiki ne mai yiwuwa, amma sai an yarda da raunin an tunkare shi tun shekarar farko. Shugaban da ya fito ya faɗi haka a gaban gwamna ya fi wanda ya rufe da yabo amfani ga jiharsa.

Saura ɓangaren da ɗalibai suka fi buƙata, wato nasiha. A nan yawancin jawabai suna komawa kan kalmomin da aka saba: ku zama jakadu nagari, ku riƙe amana, kada ku jira aikin gwamnati. Ba laifi ba ne, sai dai matashin da ke zaune cikin rigar aro yana da tambayoyi na gobe da safe, kuma shugaba ya san amsarsu. Ya kamata ya gaya masa cewa takardar NCE ita kaɗai ba ta mai da shi malami a idon doka ba. Akwai hukumar rajistar malamai, TRCN, da aka kafa a 1993, kuma tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta, wadda ake yi a kwamfuta, kafin a ba shi rajista da lasisi. Ya gaya masa cewa mai NCE ba ya zuwa hidimar ƙasa, amma yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hanyar JAMB. Ya gaya masa cewa malamin firamare hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ne suke ɗaukarsa, albashinsa kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa yakan yi jinkiri ko ya gaza na sauran ma'aikata. A babban birnin tarayya kansa, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan a biya su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024. Akwai kuma labari mai daɗi da ya cancanci a faɗa: dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki.

Ya kuma gaya masa abin da zai tarar a makon farko. Ba aji mai yara 35 zai samu ba. A garuruwa da yawa na Arewa zai tarar da ninkin haka ko fiye, wasu a ƙasa, littafi ɗaya tsakanin yara da yawa. Abin da ya fi masa amfani shi ne, kafin ya buɗe manhaja, ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya ya ba kowanne ɗan gajeren rubutu ya karanta, ya ware wanda bai san baƙi ba, da wanda ya san baƙi bai iya haɗawa ba, da wanda ke karanta jimla. Aikin kwana biyu ne ko uku, ba ya cin ko sisi, kuma shi zai nuna masa daga inda zai fara. Shugaban da ya ba da minti biyar ga irin wannan magana ya sallami ɗalibansa da abin da za su yi aiki da shi ranar Litinin.

Akwai kuma wani sabon abu da zai riƙa fitowa a jawaban shekarun nan. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, wasu tsofaffin kwalejoji kuma, irin na Zariya da Kano, an mai da su jami'o'in ilimi. Shugabanni suna sanar da wannan da alfahari, kuma suna da hujja, domin zai jawo ɗalibai masu ƙarfi. Abin da ya kamata a saurara shi ne ko za a ce wani abu game da makomar sashen firamare. In duk hankali da kuɗi suka koma kan digiri, wanda zai koya wa ɗan aji ɗaya karatu shi ne zai sake zama saniyar ware.

Abu na ƙarshe ya shafi harshe. Mafi yawan iyayen da ke ƙarƙashin rumfunan nan Hausa suke ji, ko Fulatanci, ko Kanuri, kuma su ne suka biya kuɗin karatun, su ne kuma 'ya'yansu ƙanana za su zauna a gaban waɗannan sababbin malamai. Babu dokar da ta hana shugaba, bayan ya gama da manyan baƙi, ya ajiye ɗan littafin ya juyo gare su ya yi minti goma da harshen da suke ji: ga nawa muka ɗauka, ga nawa suka gama, ga nawa za su iya riƙe ajin firamare, ga sau nawa muka je muka gan su suna koyarwa. Kwalejojin da ke da sashen Hausa ba su da uzurin rasa wanda zai tsara wannan.

Ga wakilan jaridu da gidajen rediyo da ake gayyata irin wannan biki, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi: ana raba ɗan littafin jawabin a wurin, kyauta. A karɓa, a tafi da shi gida, a nemi shafin da ya yi maganar koyarwar gwaji. In babu shi, a koma ofishin shugaban kwalejin a tambaye shi sau nawa aka ga kowane ɗalibi a gaban aji kafin a sa hannu a takardarsa.